Yadda ake tausasa saƙon manaja in za a mayar da shi Hausa, ba tare da umarnin ya salwanta ba

A kamfanonin jigilar kaya na Apapa da Ijora, sau da yawa manaja ba ya jin Hausa, direbobi da yaran mota kuwa mutanen Arewa ne. Manaja zai rubuta imel da Turanci, gajere, babu sallama babu gaisuwa, ya tura wa akawu ko shugaban direbobi ya ce a isar. A wurinsa wannan rubutun ofis ne kawai. Amma in ka kwashe shi yadda yake ka zuba a kunnen dattijon da ya yi shekaru yana jan tirela tsakanin Legas da Kano, abin da zai ji shi ne raini. In kuma ka cika shi da lallashi, sai ya ɗauka shawara ce, ranar ta wuce bai yi ba, a riƙe masa kuɗi, laifin ya dawo kanka.

Bari mu ɗauki saƙo ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Ga abin da manajan ya rubuta, in an juya shi tsurarsa:

"Na gaji da maimaita magana. Duk direba ya kawo takardar sauke kaya mai sa hannun wanda ya karɓa zuwa ofis kafin ƙarfe 4 na yamma ranar Juma'a, 14 ga wata. Wanda bai kawo ba babu alawus ɗinsa na wannan tafiyar. Ba na son jin uzuri. Garba, kai ka fi kowa wannan sakacin."

Da farko, tsame umarnin ka ajiye shi gefe

Kafin ka fara tunanin gaisuwa, ɗauki biro ka fitar da abubuwa biyar: wa zai yi, me zai yi, yaushe, a ina, me zai faru in bai yi ba. A saƙonmu, wanda zai yi shi ne kowane direba. Abin da zai kawo takardar sauke kaya ce, kuma mai sa hannu. Lokaci ƙarfe 4, Juma'a, 14 ga wata. Wuri ofis. Sakamako kuwa rasa alawus na wannan tafiyar. Waɗannan biyar ba naka ba ne, amana ce aka ba ka. Ba ka da ikon rage su, ba ka da ikon ƙara musu.

Abin da ya saura shi ne zafin: gajiya da maimaita magana, ƙin jin uzuri, da kiran sunan Garba a gaban jama'a. A nan aikinka yake. Sai dai ka duba da kyau, don wani lokaci akwai bayani a ɓoye cikin zafin. "Na gaji da maimaita magana" yana nufin an sha faɗa. "Ba na son jin uzuri" yana nufin ba za a ɗaga wa kowa ƙafa ba. Direbobi suna da haƙƙin sanin waɗannan biyun, don haka za ka zubar da fushin ka riƙe bayanin.

Sannan ka buɗe da gaisuwa, amma gajera

Sallama, kiran mutane da girmansu, da sannu da aiki sun isa. "Assalamu alaikum iyayen gidana, sannunku da hanya." In ka zarce da tambayar iyali da gajiya da ruwan sama, wanda ke sauraro a cikin cunkoson hanyar Apapa zuwa Oshodi zai kashe wayar kafin ka iso kan magana. Daga nan ka faɗi mai saƙon: daga ofishin manaja ne. Wannan yana kare ka, kuma yana ba maganar nauyinta.

Wurin da aka fi yin ɓarna: siffar umarnin

Hausa tana da matakai na sa mutum aiki. Akwai "kawo", wanda ake faɗa wa yaro ko aboki. Akwai "ku kawo". Akwai "a kawo", wanda ba ya nuna kowa da yatsa, shi ya sa ya fi daɗin ji ga babba. Sannan akwai kalmomin da ake rakiya da su, kuma a nan ne ake zamewa, domin kashi biyu ne, ko da yake a kunne duk ladabi ne.

Kashi na farko yana tausasa murya, umarnin yana nan daram: "don Allah", "a daure", "a yi haƙuri". Wanda aka ce masa "don Allah a daure a kawo kafin ƙarfe 4" ya san dole ce, an dai mutunta shi. Kashi na biyu yana buɗe ƙofar fita: "in da hali", "in an samu dama", "a yi ƙoƙari", "zai fi kyau". Direban da ya ji "a yi ƙoƙari a kawo" kuma bai kawo ba, gaskiya yake faɗa in ya ce ya yi ƙoƙari, hanya ce ta cushe. Ko "ya kamata" ma ban yarda da ita a irin wannan saƙo ba, domin nasiha take yi, ba ta ɗaurewa. In manaja ya ce dole, kai ma ka ce "wajibi ne" ko "dole ne", ka sa "don Allah" a gabanta. Ba sa faɗa da juna.

Shi kansa "a kawo" yana da nasa haɗari. Tunda bai ambaci kowa ba, direba zai iya ɗauka yaron mota zai kai, yaron mota ya ɗauka aikin shugaban direbobi ne. Maganinsa ka ambaci mai aikin sau ɗaya a fili: "kowane direba ya kawo tasa." Bayan nan ka ci gaba da "a" yadda kake so.

Lokaci ma kada ka mayar da shi lokacin sallah. Da sauƙi baki ya ce "zuwa la'asar", tunda ƙarfe 4 kusa take da ita, amma a wurin wani la'asar tana kaiwa har rana ta yi ja, alhali kashiya ta rufe littafinta ta tafi. Faɗi ƙarfen, faɗi ranar, faɗi kwanan watan. Kana iya taimaka musu da tuni cewa ranar Juma'a ce, wanda zai tafi masallaci gara ya miƙa tun da safe. Wannan shawararka ce, don haka ka faɗe ta da bakinka, kada ka jingina wa manaja. Haka "in Allah ya yarda": wurinta addu'ar rufewa, kada ta zauna a jikin wa'adin, don kada a ji kamar ranar tana iya motsawa.

Hukuncin ba a ɓoye shi

Mai tausayi yakan so ya haɗiye maganar alawus, ko ya ce "don kada a samu matsala". Wannan cutarwa ce. Mutum yana da iyali a Agege ko a gida Arewa suna jiran kuɗin nan, kuma yana da haƙƙin sanin ainihin abin da zai rasa. Abin da za ka iya yi shi ne ka sauya fuskar maganar: maimakon barazana daga mutum zuwa mutum, ta zama ƙa'idar ofis. "Ofis ba zai biya alawus na wannan tafiyar ga wanda takardarsa ba ta iso ba." Ka lura an ce na wannan tafiyar. In ka bar wannan ya faɗi, gobe jita-jita za ta cika gareji cewa an soke alawus gaba ɗaya.

Kada kuma ka ƙirƙiro dalili ko alkawari don ka sanyaya zuciya. In ka san tabbas cewa sai da takardar kamfani yake karɓar kuɗinsa daga mai kaya, kuma manaja ya yarda a faɗa, faɗi, domin mutum ya fi bin umarnin da ya san dalilinsa. Amma "wanda ya makara ya same ni za mu duba" alkawari ne da babu shi a imel.

Maganar Garba

Wannan ba kai kaɗai za ka yanke ba. Kiran sunan magidanci da sakaci a gaban abokan aikinsa da yaransa abu ne da ba ya mantuwa, kuma yakan jawo taurin kai maimakon gyara. Amma share shi a ɓoye ma cin amanar mai saƙo ne. Koma wurin manaja ka ce: "Oga, zan isar da komai yadda ka ce, amma ka bar ni in sami Garba shi kaɗai." Yawanci abin da yake so takarda ce, zai yarda. Sai ka ja Garba gefe: "Malam Garba, manaja ya ambaci sunanka musamman, ya ce takardunka sun fi na kowa makara. Na ga gara ka ji daga bakina. Don Allah wannan karon ka riga kowa." Ka ga ba a rage komai ba, ya san an ambace shi, ya san dalili.

Ga saƙon bayan gyara

"Assalamu alaikum iyayen gidana, sannunku da hanya. Saƙo ne daga ofishin manaja game da takardar sauke kaya, wadda an sha yin magana a kanta. Don Allah a daure, wajibi ne kowane direba ya kawo tasa ofis, da sa hannun wanda ya karɓi kayan, kafin ƙarfe 4 na yamma ranar Juma'ar nan, 14 ga wata. Ofis ba zai biya alawus na wannan tafiyar ga wanda takardarsa ba ta iso ba, kuma manaja ya ce wannan karon ba za a ɗaga wa kowa ƙafa ba. A yi haƙuri a kiyaye. Allah ya tsare hanya."

Ɗauko biyar ɗin da ka rubuta tun farko ka auna, ɗaya bayan ɗaya. Sa hannun wanda ya karɓa shi ne ya fi saurin ɓacewa, don ƙaramin abu ne a tsakiyar jimla, kuma takardar da babu shi ba ta da amfani a ofis.

Tunda direbobi da dama sun fi son saƙon murya, rubuta shi tukuna sannan ka karanta. In ka yi da ka, baki zai ƙara "in da hali" ba ka sani ba. Ka rage gudu a wurin ƙarfe da rana, ka maimaita su sau ɗaya. Bayan ka tura, kira mutum ɗaya da bai ga imel ɗin ba ka tambaye shi abin da aka ce ya yi, da yaushe, da abin da zai biyo baya. In ya ce "an ce mu riƙa kawo takardu da wuri", ka tausasa har umarnin ya narke, sai ka sake. In amsoshin da ke dawowa duk "me muka yi masa?" ne, zafin bai fita ba.

Akwai saƙonni iri biyu da wannan hanya ba ta shafe su ba. Takardar gargaɗi ko ta sallama daga aiki, wadda za a sa a fayil ɗin mutum, ana fassara ta yadda take, a ba shi ta Turancin tare da ta Hausar, ladabin ya tsaya a yadda ka zaunar da shi ka karanta masa. Sai umarnin da ya shafi rai, kamar hana shan taba kusa da tankar mai ko hana fita da motar da birkinta ya lalace. A nan sallama kawai, sai "kada kowa ya kuskura", a faɗe shi da ƙarfinsa.