Yadda na gyara zanen murfin famfo mai ramuka da haƙarƙari a manhajar zanen injiniya ta SolidWorks

Murfin famfon yana buƙatar ramukan kusoshi 6 a kewaye, da haƙarƙarin ƙarfafawa 4 a kowane gefe. Na huda rami ɗaya, na zaɓi Circular Pattern, na sa adadin ramuka 6 da digiri 360 tare da Equal spacing, sai ramukan suka jeru da tazarar digiri 60.

Haƙarƙarin ne suka ba da wahala, domin Linear Pattern ya ƙi maimaita su inda kaurin bangon ya canza. Dalilin shi ne Geometry pattern yana kunne, wanda ke kwafar siffar yadda take ba tare da sake lissafa inda za ta tsaya ba. Da na kashe shi, kowane haƙarƙari ya taɓa bango daidai. Daga nan na yi Mirror ta Right Plane, ɗaya gefen ya fito.