Kafin ka amsa tambaya, duba kalmar da ta buɗe ta

Kuskuren da masu shirin WASSCE a Nima da Mamobi suka fi yi shi ne, da zarar ɗalibi ya hango "Akosombo" a cikin tambaya, sai ya juye duk abin da ya haddace. Kalmar farko kuwa, wadda ita ce ke faɗin irin aikin da ake so, ko kallonta bai yi ba.

A ce tambayar ta fara da "compare", an ce ka kwatanta madatsar Akosombo da ta Bui. Yawanci sukan cika shafi ɗaya da labarin Akosombo, su cika wani da na Bui. Wannan bayani biyu ne aka jera, ba kwatanci ba. Ga yadda za ka gane: in za a iya raba amsarka biyu da almakashi, kowane ɓangare ya tsaya da kansa, to ba ka kwatanta komai ba. Gyaran shi ne ka zaɓi ma'auni uku ko huɗu, kowane sakin layi ya ɗauki ɗaya, madatsun biyu su haɗu a cikinsa. Misali, a kan ƙarfin wuta: Akosombo, da aka kammala a 1965, tana iya ba da megawat 1,020, ita kuwa Bui ta 2013 megawat 400 ne. Kada ka manta da inda suka yi kama, domin dukansu da ruwa suke aiki, in ruwa ya ja baya wuta ta ragu.

"Evaluate" hukunci take nema. Nan ɗalibai kan jera amfani da illa, su ajiye biro. In a kan madatsar Akosombo ne, ka kawo wutar da ta raya masana'antun Tema, ka kawo mutum kusan 80,000 da aka tayar daga garuruwansu da cutar tsargiya da ta yaɗu a bakin tafkin Volta, sannan ka faɗi wanne ya rinjaya da dalilinka. Tsoron yanke hukunci ne ke cinye makin, alhali mai duba takarda ba ra'ayinsa yake nema ba, hujjarka yake aunawa.

"Discuss" ta fi sauƙi: a juya batun ta fuska fiye da ɗaya, kowace da bayani da misali, ba jerin gajerun layuka ba.

Saboda haka ka ware minti uku kafin rubutu. Ja layi ƙarƙashin kalmar umarni, ka zagaye batun, sannan ka nemo iyakar tambayar. In an ce illa ga mazauna bakin tafki, zancen masana'antun Tema ba zai samo maka ko maki ɗaya ba, kome kyansa. In an ce abubuwa huɗu, kawo huɗu ka ba kowanne haƙƙinsa. Na biyar lokacinka kawai zai ci.