Yadda ake haɗa hoto mai gutsure 1,000 ba tare da an bar shi a rabi ba

Wasan haɗa hoto, wanda ake yayyanka hoto gutsu-gutsu a ce ka mayar da shi yadda yake, da taswira ya fara. John Spilsbury, wani mai zanen taswira a Landan, shi ne ya riƙa yanka ta don koya wa yara a wajajen 1760. Mai gutsure 1,000 da ake sayarwa yanzu yakan kai kusan santimita 70 da 50 in an gama, don haka kafin ka buɗe ledar ka tanadi falange ko kwali mai kauri da ya fi haka faɗi. Kada ka fara a kan tabarma. Nan Sakkwato kuma akwai batun fanka: da zafin bazara ba ka iya kashe ta, to ka zauna inda iskarta ba ta bugun allon kai tsaye.

Zuba su duka, ka juya kowanne hoton ya dubi sama. Aikin na da gundura, amma a nan ake tsince masu miƙaƙƙen gefe. In layin tsawo 40 ne na faɗi 25, za ka samu 126 na gefe, huɗu daga ciki na kusurwa. Haɗa su su zama katanga. In biyu ko uku sun ɓuya, kada ka ɓata yammacinka wajen nema, za su fito da kansu idan tarin ya ragu.

Sauran ka raba su a faifai ko tire, kowane launi da nasa. Faifai biyar ko shida sun isa. Nawa hoton na kwale-kwale ne a bakin teku, sai na ware ja na jikin kwale-kwale, ruwan ƙasa na yashi, masu rubutu ko layi, sannan shuɗi. Fara da abin da ya fi fita daban, ka haɗa shi can gefe, ka tura shi inda hoton da ke kan murfin kwalin wasan ya nuna.

Har nan kowa na iyawa. Inda ake ajiye aikin a ce sai wata rana shi ne sararin sama. A nawa ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na hoton, wato gutsure fiye da 300 duk shuɗi.

Abu na farko, fitar da faifan shuɗin waje da hantsi, ƙarƙashin rumfa. Hasken ƙwan lantarki yana sa su zama iri ɗaya, amma a hasken rana za ka ga na kusa da ruwa sun fi fari, na can sama sun fi duhu. Raba su uku. Tarin 300 ya koma ɗari-ɗari.

Daga nan ka manta da launi, ka koma siffa. Kowane gutsure na da gefe huɗu, kowane gefe ko kunne ne da ya fito waje ko gurbin da kunne ke shiga. A yanka na yau da kullum siffofi shida ke nan: marar kunne, mai kunne ɗaya, mai biyu da suka ba juna baya, mai biyu maƙwabta, mai uku, da mai huɗu. Jera kowace siffa a layinta, duk su fuskanci waje ɗaya.

Yanzu nemi wurin da ya riga ya samu maƙwabta biyu, misali ƙarƙashin katangar sama kusa da kusurwa. A ce na sama ya miƙo kunne, na hagu kuma gurbi gare shi. Abin da kake nema dole ya zama mai gurbi a sama da kunne a hagu. Marar kunne da mai kunne huɗu sun fita. Mai biyu da suka ba juna baya sai wanda ke kwance zai shiga. Sauran ka dubi kaurin kunnen, da ko ya karkata gefe. Sai ka gwada goma maimakon ɗari. Bi layi ɗaya har ƙarshe, domin duk wanda ka sa yana ba na gaba da shi maƙwabci.

Hattara da wanda ya shiga alhali ba gidansa ba ne. Ya taɓa cinye mini dare biyu: na danna wani da yatsa ya zauna, ashe shi ya hana layin duka haɗuwa. Na gaskiya yana faɗawa ba tare da an matsa ba. In kana shakka, ɗaga biyun ka duba ta haske, ko ka juya bayansu. In ka ga tsaga ko gefe ɗaya ya ɗan tashi, cire shi.

Idan za ka tashi, rufe allon da wani kwali ka ɗora littafi a kai, saboda ƙurar hunturu da hannun yara. Gutsuren da ya ɓace kuwa, fara duba ƙasan tabarma da naɗin hannun rigarka kafin a yi shara.