Kuɗin ruwa na kwana-kwana: inda ƙidayar ranaku ke kuɓucewa

Idan lissafinka na kuɗin ruwa ya saɓa da na banki, kafin ka zargi kowa ka fara fitar da ruwan kwana ɗaya. Da shi za ka gane inda gizo ke saƙa.

A ce an karɓi bashin 730,000 a kan kashi 10 cikin 100 a shekara, ranar 10 ga Janairu 2024, aka biya ranar 25 ga Afrilu. Ruwan shekara 73,000 ne. Raba shi gida 365, kowace rana ta tashi a 200. Saura sanin kwana nawa kuɗin ya yi a hannun mai bashi, kuma a nan aka fi tuntuɓe.

Bi wata-wata. Janairu kwana 31 gare shi, cire 10, saura 21. Fabrairun 2024 kwana 29, Maris 31, sai kwana 25 na Afrilu. Jimla 106, ruwa kuma 21,200.

Wanda ya samu 107 kusan kullum abu ɗaya ya yi: ya ƙirga ranar karɓa, ya kuma ƙirga ranar biya. Gwada da ɗan gajeren zango ka gani. Wanda ya ranci kuɗi Litinin ya mayar Talata, dare ɗaya kuɗin ya kwana a wurinsa, ba biyu ba. Shi ya sa bisa al'ada ɗaya daga cikin ranakun nan biyu ake sakawa, a bar ɗayar, sai fa in yarjejeniya ta faɗi akasin haka ƙarara. Kuskuren nan yana son ɓuya idan an biya wani ɓangare a tsakiya. A ce an rage bashin ranar 1 ga Maris. Zango na farko kwana 51 ne, na biyu 55, kuma dole su haɗu su ba da 106. In ka ga 107, to an saka 1 ga Maris sau biyu, a ƙarshen wancan da farkon wannan.

Wanda ya samu 105 kuwa, mai yiwuwa Fabrairu ya ba kwana 28 don sabo. Shekarar da 4 ke rabawa daidai Fabrairunta 29 ne, ban da shekarun cikar ƙarni da 400 ba ya rabawa, irin su 2100.

To amma a kula, 105 ba kullum kuskure ba ne. Akwai tsarin da ake rubutawa 30/360, wanda ke ɗaukar kowane wata kwana 30, shekara kuma 360. A kansa, 10 ga Janairu zuwa 10 ga Afrilu kwana 90 ne, ƙara 15, ka samu 105. Sai dai wanda ya ƙirga haka da 360 zai raba, ruwan ya zama 21,291.67. Abin da ba ya karɓuwa shi ne gaurayawa, a ƙirga wata 30-30 sannan a raba da 365 alhali takarda ba ta ce haka ba.

Ga gwajin da na fi dogara da shi. Cire lissafinka daga nasu, ka raba bambancin da ruwan kwana ɗaya. In takardarsu ta ce 21,400, bambancin 200 ne, kwana ɗaya cif, matsalar ƙidaya ce. In bambancin ya fito 600, kwana uku ne, sai ka duba ko ranar da ka tura kuɗi daban take da ranar da aka shigar da shi a asusun bashin, abin da kan faru idan biyan ya faɗo a ƙarshen mako. Amma in ta ce 21,494.44, bambancin bai cika kwana biyu ba, ya kuma wuce ɗaya. Wannan ba aikin kalanda ba ne. Kwanakin 106 ne daidai, da 360 aka raba. Haka 21,142.08 ke nuna an raba da 366. Sake ƙirga ranaku ba zai fisshe ka ba a nan, takardar yarjejeniya za ka buɗe ka ga wane tsari aka sa wa hannu.

A Excel, sa ranar karɓa a A1, ranar biya a B1:

```
=B1-A1
=DAYS360(A1,B1)
```

Layin farko zai ba ka 106, na biyu 105. Abu ɗaya za ka kiyaye: wasu kwamfutocin wata suke fara karantawa kafin rana, sai 10/01/2024 ta koma 1 ga Oktoba. In amsar ta fito da alamar ragi a gabanta, ko ta nuna #VALUE! saboda an ɗauki 25/04/2024 rubutu ba rana ba, abin da ya faru ke nan, sai ka sake shigar da ranakun ka tabbatar Janairu da Afrilu suka nuna.