Yadda na ceto filashin da aka wanke a aljihu

An wanke wandona da filashi a aljihu, ruwan omo ya shige shi. Makwabcina ya ce in soka shi a kwamfuta mu gani, na ƙi. Ruwa kaɗai bai cika kashe filashi ba, wuta ce ke kashe shi. Ramin USB yana ba da volt 5, idan akwai danshi mai omo a ciki, wutar za ta tsallaka tsakanin ƙafafun cif, ta ƙone shi ko ta ci ƙarfen.

Shawarar a binne shi cikin shinkafa don ya bushe ma na bar ta, don ba ta cire omo, ƙura kawai take ƙarawa.

Na ɓare murfin robar a hankali. Na ɗauraye ƙaramin allon lantarkin da ke ciki da ruwan batir sabo na kwalba, wanda ba asid a ciki, sannan na goge farin dattin da ke bakin ƙarfen da burushi mai laushi da sifirit na masu gyaran waya, isopropyl 99%. Na ajiye shi a inuwa gaban fanka kwana 3, ba rana, ba wuta.

Da na soka shi ya buɗe, alhamdulillahi. Nan take na kwashe komai zuwa kwamfuta. Da a ce ya nuna "You need to format the disk", da Cancel zan danna, domin Format share fayilolin yake yi.