Darasi na 7: Tarbar mai saye da fuska kafin a buɗe baki

A shagunan Kantin Kwari da ke Kano, inda ake sayar da atamfa da shadda da leshi, ba kowane mai saye ke shigowa da sallama ba. Wani zai tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yana bin kaya da ido. Wata za ta shigo shiru, ta taɓa turmi ɗaya ta saki, ta taɓa wani. Wanda ya yi sallama sha'aninsa mai sauƙi ne, a amsa masa nan take, a gaisa. Darasin nan a kan wanda bai ce komai ba ne.

Kada a ɗauki shirun nan girman kai ne. Sau da yawa kunya ce, ko tsoron kada kuɗin hannu su kasa a ji nauyin fita. Wani baƙo ne daga Chadi ko Kamaru ko kudancin Najeriya, Hausarsa ba ta nuna ba. Wani kurma ne. Wani kuwa lissafi yake yi a ransa, bai son a katse shi. Dukansu abu ɗaya suke nema a fuskar mai shago: su san an gan su, su kuma san ba za a takura musu ba. Ido da murmushi da yadda aka ajiye jiki su ne ke isar da wannan saƙo. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a shago ita ake fara yi.

Ido

Da zarar inuwar mutum ta faɗo bakin ƙofa, ka ɗaga kai. Kada ka jira sai ka gama ninke zanen da ke hannunka. Ka dubi fuskarsa, ka ƙirga “ɗaya, biyu” a zuci, ka ɗan gyaɗa kai, sannan ka sauke ido kan kaya ko kan aikinka. Duka-duka bai wuce daƙiƙa 2 ba. Idan ya gaza haka, mutum ba zai tabbata an gan shi ba. Idan ya zarce, ya zama ƙura ido, kuma wanda aka ƙura wa ido sai ya fara duba jikinsa yana tunanin ko wani abu ne ya ɓaci.

Inda ido ya koma bayan kallon yana da muhimmanci ƙwarai. A sauke shi ƙasa a hankali, wannan ladabi ne. In aka fizge shi gefe da sauri, sai ya yi kama da harara. Mafi muni shi ne kallon sama da ƙasa, wato a fara daga hula a gangara har takalmi, ko ido ya sauka kan jaka da aljihu. Mai saye yana gane wannan kallo ko da bai san sunansa ba. Ya san ana auna arzikinsa ne. Kuma ma'aunin ba ya faɗin gaskiya, domin a kasuwa an sha ganin mai silifa ya sayi dila, mai babbar riga ya taya ya tafi.

Kallon ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Dattijo ko dattijuwa, a taƙaita shi, a haɗa da rusunawa, domin a al'adarmu yaro ba ya tsare babba da ido. Idan mace ce ta shigo shagon namiji, kallo ɗaya gajere ya isa ta san an san da zuwanta, daga nan ido ya koma kan kaya ya zauna can. Sa'anka kuwa za ka iya ɗan riƙe idonsa har ya mayar maka da gyaɗa kai. Yaron da aka aiko shi ne aka fi mantawa da shi. Yakan tsaya a gefe da kuɗi a dunƙule a hannu, manya suna ta shige shi. Ka sunkuya kaɗan ka dube shi, ka ɗaga masa gira, zai matso da kansa.

Murmushi

Abin da ake so sakin fuska ne. Ba dariya ba, ba kuma washe baki ba. A bar goshi ya saki, leɓe ya ɗan buɗe, kumatu su ɗaga kaɗan. Murmushin gaskiya yana kaiwa ido, za ka ga gefen idon ya ɗan tattare. Na dole a baki yake tsayawa, kuma mutane suna bambance su ba tare da an koya musu ba. Shi ya sa ko ka sa takunkumi saboda ƙurar hunturu, mai saye zai gane ko fuskarka a sake take.

Lokacinsa ma abin lura ne. Murmushi ya zo bayan ido ya haɗu, don mutum ya san nasa ne. Idan kana tsakiyar dariya da maƙwabcin shago aka shigo, ka tsayar da ita, ka juyo, sannan ka yi wa baƙon nasa sabo. In ka tarbe shi da ragowar waccan dariyar, balle ka sake kallon abokin hirarka, zai ɗauka da shi kuke. Haka kuma kada fuska ta ɗaure da zarar ya juya baya. Shagunan yadi da yawa suna da madubi ko gilashi, kuma yana ganinka ta ciki.

Jiki

Zaman shago yana da gajiya, mun sani. Amma akwai zaman da ke korar ciniki tun daga nesa: kishingiɗa a kan dila, miƙe ƙafa tafin yana kallon ƙofa, tagumi, harɗe hannu a ƙirji, da sunkuyar da kai kan waya. Mai tagumi kamar an yi masa rasuwa yake, ba wanda ke son ya dame shi da tambayar kuɗin yadi. Mai waya kuma ya nuna yana da abin da ya fi baƙon.

In an shigo, ka kife wayar, ka tattara ƙafa, ka miƙe. Idan shagon ƙarami ne ƙwarai, miƙewa za ta cika wurin, to ka gyara zama ka ɗan ɗago, ya wadatar. In ka tashi, kada ka tsaya a tsakiyar hanya ƙirji da ƙirji da mai shigowa, wannan tsayuwar mai gadi ce. Ka koma gefe ɗaya, ka ɗan karkata, yadda zai ga kaya a gabansa, ya kuma ga ƙofa a buɗe a bayansa. Mutumin da ya ga hanyar fita a sarari ya fi daɗewa a ciki. Ka bar tazarar taku 2 zuwa 3 tsakaninku, ga mace a ƙara. Hannuwanka su kasance a fili. In za ka nuna wuri ko kujera, ka yi da buɗaɗɗen tafin hannun dama. Kada ka nuna da yatsa ko da baki, kada kuma ka yi da hagu.

Kada ka bi shi a baya taku da taku. Mai gaskiya yana jin haka a matsayin zargin sata. Ka nemi wuri ɗaya da kake ganin shagon duka, ka tsaya can da ɗan aiki a hannu, kamar jera turame.

Mu bi misali ɗaya

Wata mata ta shigo da hantsi, sanye da hijabi, da ɗan ƙyalle a dunƙule a hannunta. Ba ta ce komai ba. Yaron shago yana auna wa wani mutum shadda yadi 5, almakashi na hannunsa.

Ba zai saki wanda yake aunawa ba, don shi ma mai haƙƙi ne. Sai ya ɗaga kai, ya dube ta gajere, ya saki fuska, ya gyaɗa kai. Ya ajiye almakashin tukuna, sannan ya nuna mata benci da tafin hannun dama. Ba a nuna wa mutum wuri da almakashi a hannu. Ya janye jikinsa gefe don ta sami hanya, ya koma kan awonsa. Bai yi magana ba, amma ta san an ce mata ta shigo, ana zuwa.

Ba ta zauna ba, ta wuce wajen atamfofi. Wannan ba ƙi ba ne, dubawa take so ta yi. Yaron ya gama da na farko, ya sallame shi, ya tsaya daga gefe yana gyara jeri. Yanzu hannunta yake lura da shi ta gefen ido. Ta buɗe ƙyallen tana kara shi da turmi ɗaya bayan ɗaya. Ya gane ke nan irin wannan zanen take nema, wataƙila anko ne na biki. Duk da haka bai yi magana ba, sai da ta tsaya kan turmi ɗaya, ta juya shi tana duba tambarin, sannan ta ɗago ta dube shi. Wannan kallo na biyu shi ne izini. A nan ya matso taku ɗaya ya ce, “Sannu da zuwa, Hajiya. In ga ƙyallen?”

Da ya tare ta tun a ƙofa da “Me za a kawo?”, amsar da zai samu ita ce “Dubawa nake yi,” kuma wanda ya faɗi haka yakan ji nauyin sake buɗe baki. Da kuma bai ɗaga kai ba sam, za ta zagaya sau ɗaya ta shiga shagon gaba, inda ake da irin kayan.

Jikin mai saye yana gaya maka in ka yi kuskure. Idan ya ja da baya, ko ya ƙanƙame jakarsa, ko ƙafafunsa suka juya wajen ƙofa, ka matsa masa da yawa. Ka ja baya taku ɗaya, ka mayar da ido kan aiki. Idan kuwa yana waige-waige, yana gyaran murya, ko yana ɗan buga kanta da yatsa, an bar shi ya daɗe, ka je gare shi. Wanda ka gaishe bai amsa ba, sai ya nuna kunnensa ko ya girgiza kai, ka dawo gabansa inda zai ga fuskarka sosai, ku ci gaba da hannu, ka rubuta masa kuɗin a takarda ko ka nuna masa a na'urar lissafi.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zauna a matsayin mai shago da wani abu a hannu, ɗaya ya shigo shiru. Ku yi sau 3: na farko mai shago bai ɗaga kai ba, na biyu ya ƙura ido har a ƙirga goma, na uku ya yi yadda aka koya. Bayan kowane zagaye, wanda ya shigo ya faɗa wa aji abin da ya ji a ransa, da lokacin da ya so ya fita. Sannan ku yi musaya, a sake yi, wannan karon mai shigowa ya zama dattijo, sannan yaron aike.