Yadda Ake Neman a Sake Duba Takardar Jarrabawa

Kafin ka biya ko sisi, ka fara neman ganin takardar amsarka ko kwafinta, idan dokar makarantar ta yarda. Da yawa fushi ne ke kai su ofishin jarrabawa, ba hujja ba, shi ya sa kuɗinsu ke tafiya a banza. "Na yi karatu sosai" ba ƙorafi ba ne da za a saurara. Abin da ake saurara shi ne kuskure a haɗa maki, ko amsar da aka tsallake, ko makin da ya saɓa wa tsarin da aka ba masu dubawa.

A ce ka samu 58, kana buƙatar 60. Tambayoyi biyar ne, kowace maki 20, an ba ka 14, 11, 13, 8 da 12. Ka haɗa da kanka: lissafi daidai yake. To sai ka tsaya a kan 8 ɗin nan. Idan ka ƙarasa amsa ta huɗu a ƙarin takarda, ka ga shafin fes, babu ko ɗigon jan biro, ka samu hujja. Amma idan malami ya bi ta layi-layi har ya ja layi a ƙarƙashin kurakuranka, gara ka haƙura.

Daga nan ka zaɓi abin da kake nema, domin iri biyu ne. Sake ƙidaya shi ne a tabbatar an duba kowane shafi, an kuma haɗa maki daidai. Shi ya fi sauƙin kuɗi. Sake dubawa kuwa wani malami daban ake ba takardar ya karanta, don haka ya fi tsada. Yawanci kowace takarda kuɗinta daban, kuma hukumomi da dama suna mayar da kuɗin idan sakamako ya canja. Haka ake yi a IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci: cikin mako shida daga ranar jarrabawa ake nema, idan maki ya ƙaru a dawo maka da kuɗinka.

Sai ka cike fom, ko ka rubuta gajeruwar wasiƙa ta hannun jami'in jarrabawa. Ka sa lambarka, sunan darasi, lambar tambayar, da abin da ka gani: "Ba a duba ci gaban amsa ta 4 da ke ƙarin takarda ba." Kada ka zargi malami da ƙiyayya alhali ba ka da shaida. Ka haɗa rasit, ka riƙe kwafi mai hatimin ranar karɓa, domin idan wa'adi ya wuce, da wuya a saurare ka.

Ka tambaya tun farko ko maki na iya raguwa. A wurare da yawa yana iya raguwa, kuma sabon makin ne zai tsaya. Mai 58 da ke neman 60 ba shi da asara sosai, amma mai 51 da ya ci da kyar a kan iyakar 50 zai iya faɗuwa.